Yadda yankan albasa ya kai sabon kuku asibiti a wani gidan abinci a Samaru

Gidan abincin da wannan abu ya faru a cikinsa yana Samaru, ba nisa da Jami'ar Ahmadu Bello. Yawancin masu cin abinci a wurin ɗalibai ne da ma'aikata, saboda haka cunkoson yana da lokacinsa. Daga ƙarfe 12 na rana zuwa 2 babu mai samun sukunin shan ruwa a kicin ɗin. Duk abin da za a yanka, albasa, tattasai, attaruhu, kabeji da karas, dole a gama shi kafin lokacin, domin da zarar an fara zuba abinci ba wanda zai koma kan katako.

Wanda abin ya shafa saurayi ne da bai cika wata guda da fara aiki ba. Ya iya girki tun a gida, kuma abin da ya sa aka ɗauke shi ke nan. Ranar da abin ya faru an shigo da cefane daga kasuwar Sabon Gari a makare. Wajen ƙarfe 11 da kwata aka ajiye masa albasa kusan kilo 10, aka ce ya gama kafin 12. Ya fara a kan katako, ya ga ba ya sauri, sai ya koma yadda ya saba: ya riƙe albasa a tafin hannun hagu, yana tsattsaga ta, sannan yana yankowa tana zuba a roba. Can wajen rabin aikin wuƙar ta zame daga kan albasa ta shiga gefen yatsansa manuni, kusa da gaɓa ta biyu. An danne da tsumma, jini bai tsaya ba, aka kai shi asibiti aka yi masa ɗinki. An zubar da robar albasar gaba ɗaya, abinci ya makara, shi kuma ya shafe kwanaki ba ya iya aikin ruwa.

Da Hajiya mai gidan abincin ta nemi mu zauna a kan maganar, abin da ta fara cewa shi ne, "Malam, tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa." Babban kuku kuwa cewa ya yi yaron rawar kai gare shi. Ban yi musu a kan ƙaddara ba. Amma ban yarda da zancen rawar kai ba, domin da muka bi abin daki-daki, kusan duk abin da ya kai wuƙar ga yatsan nan an shirya shi tun kafin yaron ya ɗauke ta.

Wuƙar da aka ba shi

Na nemi a kawo ainihin wuƙar. Babba ce, tsawon bakinta kusan santimita 20, irin wadda ta dace da wannan aiki. Na juya bakinta sama na kalla a ƙarƙashin fitila, sai ga wani siririn layi yana ƙyalli tun daga tsakiya har kusan tsini. Wuƙa mai kaifi bakinta ba ya ƙyalli, saboda ya yi sirantar da haske ba shi da wurin da zai sauka. Duk inda ka ga ƙyalli, wurin ya dakushe. Muka ɗora ta a kan tumatir nunanne muka ja ba tare da dannawa ba. Zamewa ta yi a kan fatar, ba ta ko shiga ba.

Mutane da yawa suna ganin dakusasshiyar wuƙa ta fi sauƙin haɗari, har akan zaɓa wa sabon yaro ita da niyyar tausayi. Abin ba haka yake ba. Wuƙa mai kaifi tana kama abin da aka ɗora ta a kai, ta shiga da ƙarfi kaɗan. Dakusasshiya sai an danna, kuma albasa tana da wata siririyar fata mai santsi tsakanin kowane ɓawo da na ƙarƙashinsa. Idan ka danna da ƙarfi a kan wuri mai santsi, bakin ya kauce, duk ƙarfin nan yana tafiya tare da wuƙar zuwa inda ta nufa, kuma hannu ba ya iya tsayar da ita a tsakiyar hanya. Akwai ƙari a kan albasa musamman. Dakusasshen baki murƙushe ta yake yi maimakon ya raba ta, ruwanta ya fi fita, yajin da ke tashi zuwa ido ya fi yawa. Yaron ya ce tun a albasa ta goma yake yanka da ido ɗaya a rufe, yana share hawaye da kafaɗa.

Me ya dakusar da wuƙar? Abu uku muka gani da idonmu a yini ɗaya. Ana yanka a kan tiren ƙarfe idan katako ya yi ƙaranci. Ana kwashe abin da aka yanka ta hanyar kankare katako da bakin wuƙa, alhali bayanta aka tanada don haka. Sannan da wuƙar nan ake sara kaza mai ƙanƙara da aka ciro daga firiza, shi ya sa akwai ƙananan giɓi biyu kusa da mariƙi. Ƙashi da daskararren nama aikin adda ne ko babbar wuƙar sara, ba na wuƙar kayan miya ba.

Kicin ɗin yana da dogon ƙarfen nan da mahauta suke goga wuƙa a jikinsa, kuma babban kuku yana ganin ya wadatar. Ƙarfen nan ba ya yin sabon kaifi. Bakin wuƙa yana lanƙwashewa kaɗan-kaɗan da aiki, ƙarfen yana miƙe shi ne kawai, don haka yana da amfani kullum kafin a fara, sau biyar ko shida kowane gefe, a hankali. Idan bakin ya riga ya cinye, sai dutsen wasa wuƙa. Ana jiƙa dutsen, a kafa shi a kan tsumma, a kwantar da wuƙar a kusurwar digiri 15 zuwa 20. Hanyar gane kusurwar ba wuya: ka tsayar da wuƙar cak a kan dutse, ka kwantar da ita rabi, ka sake kwantar da rabin wannan, sannan ka ƙara sauke ta kaɗan. Ana goga gefe ɗaya har sai an ji wani ɗan kaushi ya taso a ɗaya gefen idan aka shafa yatsa daga bayan wuƙa zuwa baki, ba a bin tsawon bakin da yatsa. Kaushin nan ne shaidar an kai ƙarshen ƙarfe. Sai a juya a yi wa ɗaya gefen haka, a ƙarasa da guga mara nauyi. Masu wasa wuƙa da inji a kasuwa suna da sauri, amma idan aka daɗe ana danna ta ba a tsoma ta a ruwa, bakin yana yin zafi har ya koma shuɗi-shuɗi, kuma daga nan ba ya ƙara riƙe kaifi da kyau.

Abin da ya sa ya bar katako

Wannan ne na fi tsayawa a kai, domin a nan aka fi ɗora wa yaron laifi. Babban kuku ya ce, "Na gaya masa ya yi a katako, ya ƙi ji." Na ce yaron ya nuna mana wurin da ya tsaya. Teburin ƙarfe ne mai sulɓi, katakon roba ne wanda zafi ya ɗan karkata shi, tsakiyarsa ba ta taɓa tebur. Na danna gefe ɗaya, ɗaya gefen ya ɗaga. Na tura da yatsa biyu, ya tafi. Ke nan duk yankan da ya yi a kai, hannunsa na hagu yana aiki biyu, riƙe albasa da riƙe katako. Ba ƙin ji ba ne ya mayar da shi yanka a hannu. Ya gwada hanya biyu, ya ga wadda ya sani ta fi masa natsuwa, kuma a kan wannan katakon gaskiyarsa ce.

Maganin bai kai kuɗin kwano ɗaya na shinkafa ba. Tsumma mai tsabta a jiƙa, a matse sosai, a shimfiɗa shi ba ninki mai kauri a ƙarƙashin katako. Kafin a ɗauki wuƙa a tura katakon da tafin hannu, idan ya motsa ba a fara ba tukuna. Katakon da ya karkace kuwa tsumma ba ya gyara shi, fitar da shi ake yi.

Game da yanka a hannu, ba na cikin masu raina shi. Iyayenmu mata sun shekara da shekaru suna yanka albasa da kuɓewa da alayyahu a haka, kuma ƙwarewa ce ta gaske. Amma a duba yanayin da suke yi. Albasa biyu ko uku ce, ƙaramar wuƙa ce, a zaune suke, babu mai tsaye a kansu yana kiran lokaci. Idan aka ɗauki wannan salon aka haɗa shi da wuƙa mai santimita 20, da albasa sittin, da hannun da ya jiƙe da ruwan albasa, an sa bakin wuƙa yana nufar nama sau ɗaruruwa a cikin awa guda. A kan katako kuwa, duk yanka yana ƙarewa ne a jikin katako. A kicin ɗin gidan abinci na bar wa yanka a hannu wuri ɗaya kawai, wato fere da ƙaramar wuƙa, kamar feren dankali ko cire idon abarba.

Lissafin lokacin da aka ba shi

Albasa matsakaiciya tana kai giram 150, don haka kilo 10 ya haura guda sittin. Ƙwararre da wuƙa mai kaifi zai iya ɓare guda ya yanka ta ƙanana a ƙasa da minti ɗaya. Sabon hannu da yake yi daidai yana buƙatar kusan minti biyu. Wato aikin awa biyu aka ba yaron a cikin minti 45. Babu salon riƙon wuƙa da zai cike wannan giɓin. Da na faɗi haka a gaban Hajiya, ta yi shiru, sannan ta ce wa babban kuku, "Ashe mu ma da namu." Ya kamata a raba aikin ranar: mutum ɗaya yana ɓarewa, wani yana yankawa, kuma kason da za a zuba a miya a kai shi markaɗe, a bar wa wuƙa wanda ake buƙata a yanke don suya da kwaɗo.

Abin da aka koya masa da ya dawo

Mun fara da hannun dama. Yana riƙe wuƙa can ƙarshen mariƙi, yatsa manuni a miƙe a kan bayanta. Wannan riƙon yana sa baki ya riƙa lilo hagu da dama, kuma yana gajiyar da wuyan hannu. Aka matso da hannunsa gaba: babban yatsa a gefe ɗaya na ƙarfen, daidai inda ya haɗu da mariƙi, manuni a lanƙwashe a ɗaya gefen, sauran ukun suna zagaye da mariƙi. Da farko ya ce ƙarfen yana cin gindin yatsansa. Haka ne, yana ci, har wurin ya yi kanta. Amma ya ji da kansa cewa wuƙar ta daina juyawa.

Hannun hagu ya fi wuyar koyo, kuma shi ne wanda ake yankewa. Ana lanƙwashe kan yatsu ciki kamar kyanwa ta kama abu, farata suna riƙe da albasa, gaɓar tsakiya ta fito gaba. Gefen wuƙar, ba bakinta ba, yana jingina da gaɓar nan yana sauka yana hawa a jikinta. Muddin bakin wuƙa bai ɗaga sama da gaɓar ba, ba shi da hanyar isa ga fata. Babban yatsa yana ɓoye a bayan sauran. Shi ne mai ƙin zama, yana leƙowa gaba a hankali idan mutum ya shagala, don haka wanda ke koyarwa shi zai riƙa kallo. Bayan kowane yanka hannun hagu ne ke ja baya kaɗan, kuma gwargwadon jan da ya yi ne ke fitar da kaurin yankan.

Ita albasar, ƙa'idarta ita ce kada a yanka abu yana mirginawa. Ana cire kan, a bar gindin mai saiwa. A kifa ta a kan wurin da aka yanke, a raba biyu ta tsakiyar saiwar, a ɓare. Kowane rabi a kifa shi, shimfiɗaɗɗen gefen yana ƙasa. A tsattsaga daga kusa da saiwa zuwa kai ba tare da an raba saiwar ba, ita ke riƙe da ɓawon duka. Sannan a juya a yanka a gicciye. Akwai masu ƙara yanka a kwance, wuƙa tana tafiya zuwa wajen hannu. Na hana shi wannan gaba ɗaya, tunda albasa ta riga ta zo a rarrabe, kuma ƙananan da ake samu ba tare da shi ba sun ishi kowace miya. Idan aka zo guntun ƙarshe, wanda ya rage kamar faɗin yatsa biyu, a nan yatsu suka fi kusa da baki. Ko a kwantar da guntun a kan faɗinsa a ƙarasa, ko a jefa shi cikin kayan markaɗe. Ba asara aka yi ba.

Haka ƙa'idar take a sauran kaya. Karas a ɗan sare gefe ɗaya ya samu wurin kwanciya. Kabeji a raba huɗu kafin a fara. Tattasai a buɗe shi a yanka daga ciki, domin bayansa yana da sulɓi. Attaruhu kuma da safar hannu, saboda wanda idonsa ke ƙuna ba ya ganin inda wuƙa take.

Satin farko an hana shi sauri da gangan. Ana ba shi kilo 3 da safe kafin cunkoso, babbar mai girkin gidan, wadda kowa ke kira Inna, tana gefensa tana nata aikin. Duk lokacin da ta hango babban yatsa sai ta ce, "Ɗana, mayar da shi." Alamar da aka sa ido a kai ba lokaci ba ce, daidaiton yanka ce. Idan gutsattsarin sun fito girma ɗaya, hannu ya zauna. Idan wasu manya wasu ƙanana, hannun hagu yana tsalle, kuma sauri a wannan matakin komawa asibiti ne. Sai da yankansa ya daidaita aka fara ƙara masa yawa.

Ƙa'idodin da suka shafi kowa

Binciken ya tono wasu abubuwan da ba su suka jawo wannan rauni ba, amma suna jiran ranarsu. Mafi muni shi ne jefa wuƙa cikin bahon wanke-wanke mai kumfa, inda yarinyar da ke wanki za ta zura hannu ba ta gani. Yanzu wanda ya yi aiki da wuƙa shi zai wanke ta a take, bakin yana kallon waje, ya goge ya mayar wurinta. Mai tafiya da wuƙa yana sauke ta a gefen cinya, tsini ƙasa, baki baya, yana cewa "Wuƙa!" idan zai gifta bayan wani. Ba a miƙa ta hannu da hannu, ajiyewa ake yi a tebur ɗayan ya ɗauka. Idan ta suɓuce ba a cafewa, ja da baya ake yi, kuma wannan ne ya sa aka hana silifas a kicin, sai rufaffen takalmi. Inna ta ƙara ɗaya da ba ta zo min a rai ba: idan aka ɗauke wuta, kowa ya ajiye wuƙa a kan katako ya tsaya cak har janareta ya tashi.

An kuma gyara yadda ake tarbar rauni. Ranar da abin ya faru, wani ya kawo shawarar a barbaɗa gishiri, wani ya ce a zuba fetur, kuma tsumman goge tebur aka danna da shi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya dace. Ana ɗauraye wurin da ruwa mai tsabta, a danna da auduga ko ƙyalle mai tsabta, a ɗaga hannu sama da ƙirji, a riƙe minti 10 cur ba a ɗagawa ana leƙawa. Idan jini bai tsaya ba, ko raunin ya buɗe baki, ko yatsan ya mutu ba a jin taɓi, ko ya kasa lanƙwashewa ko miƙewa, asibiti za a nufa ba jira, domin jijiyoyin yatsa suna kusa da fata, kuma a can za a duba batun allurar tetanas. Ƙaramin rauni kuwa filasta ake sawa, a ɗora safar hannu a kai kafin a koma ga abinci. Duk abincin da jini ya taɓa zubarwa ne, katako da wuƙa a wanke su da sabulu, a bi da ruwan kashe ƙwayoyin cuta.

Inda gyaran bai kai ba

Riƙon da aka koya wa yaron na kayan lambu ne da duk abin da ke kwanciya a katako. Ba ya kare mai raba nama da ƙashi, domin a can hannun hagu yana jan nama, wuƙa kuma tana bin ƙashi ta kowace fuska, ga maiƙo a mariƙi. Wannan darasi ne dabam, kuma an amince kada sabon kuku ya taɓa shi sai ya zauna da kyau a kan kayan miya. Akwai safar hannu ta sarƙar ƙarfe da ake sawa a hannun hagu don wannan aikin. Hajiya ta ce za ta nema, amma har yanzu babban kuku da hannunsa tsirara yake yi.

Matsalar cefane ma ba ta gama warwaruwa ba. An mayar da sayen albasa da kabeji da karas zuwa yamma, tunda suna kwana lafiya, ana yanka su da sassafe. Tumatir da tattasai da nama kuwa har yanzu da safe ake kawo su, kuma ranar da mota ta makale a Kwangila komai yana sake cushewa cikin awa guda. Abin da aka tsayar don irin wannan rana shi ne, babban kuku da Inna su koma kan katako, sabon yaro ya riƙe ɓarewa da wanki da juya tukunya, ko da kuwa za a cire kala ɗaya daga abincin ranar.